Lissafi biyu, abu biyu da ba mu sani ba

Wata mata a ajinmu na yamma ta aiki yaro kasuwa. Ya sawo mata tiya 3 ta hatsi da tiya 2 ta wake, ya ce kuɗɗin duka dala 600. Maƙwabciyarta ita ma ta aike shi wurin ɗan kasuwa guda, rana guda. Ya sawo mata tiya 1 ta hatsi da tiya 2 ta wake, dala 400. Da aka tambaye shi nawa ne tiyar hatsi, nawa ne tiyar wake, sai ya ce ya manta. Matan suka fara zargin ya ci musu kuɗɗi.

To, ba sai an koma kasuwa ba. Da kaye da bik muna iya gano kuɗin kowace tiya. Kuɗɗin da ke cikin darasin ga na misali ne, kuma da dala muke ƙirga su. Ku tuna dala 1 tamma 5 ce, dala 200 jika guda ce.

Yadda ake rubuta shi bisa takardar aiki

Abu biyu ne ba mu sani ba: kuɗin tiyar hatsi da kuɗin tiyar wake. Sai mu ba kowanne harafi. Mu ce h shi ne kuɗin tiya 1 ta hatsi, w kuma kuɗin tiya 1 ta wake. Ƴan koleji suna rubuta x da y, amma aikin guda ne. Ku rubuta ma'anar haruffan can sama ga takarda, don kada ku manta.

In mun rubuta 3h, muna nufin kuɗin tiya 3 ta hatsi, wato h sau 3. Ga sayayyar matan nan biyu:

Layi na 1: 3h + 2w = 600
Layi na 2: 1h + 2w = 400

Ku lura da jerin. Hatsi yana ƙarƙashin hatsi, wake ƙarƙashin wake, kuɗɗi ƙarƙashin kuɗɗi. Alamar = kamar sikeli take: abin da ke hagu daidai yake da abin da ke dama. Duk abin da kuka yi ma hannu guda, sai ku yi ma ɗayan, in ba haka ba sikeli ya karkace.

Mu kawar da harafi guda

Layi guda shi kaɗai ba ya ba mu amsa. Dubi layi na 2: hatsi 100 da wake 150 sun yi 400. Hatsi 200 da wake 100 su ma sun yi 400. Wanne ne gaskiya? Sai mun haɗa da layi na 1.

Dabarar ita ce mu kawar da harafi guda, saura guda. Matan nan biyu kowacce ta sayi tiya 2 ta wake. Ashe ba wake ya sa kuɗɗinsu suka bambanta ba, hatsi ne. Sai mu ɗebe layi na 2 daga layi na 1, kowane abu daga ɗan'uwansa:

3h a ɗebe 1h, saura 2h.
2w a ɗebe 2w, ba saura.
600 a ɗebe 400, saura 200.

Sai mu rubuta:

Layi na 3: 2h = 200

Wake ya fita. Tiya 2 ta hatsi dala 200 ce, ke nan tiya 1 dala 100. Mun samu h = 100.

Yanzu mu nemi wake. Mu ɗauki layi na 2, mu sa 100 wurin h: 100 + 2w = 400. A ɗebe 100 daga 400, saura 300. Wannan kuɗin tiya 2 ta wake ne. A raba biyu, w = 150.

Kada ku aje bik tukuna. Sai mun gwada amsar, wato mu mayar da 100 da 150 cikin layukan nan biyu na farko:

Layi na 1: 300 + 300 = 600. Ya yi daidai.
Layi na 2: 100 + 300 = 400. Ya yi daidai.

Lissafin yaro ya tsaya: tiyar hatsi dala 100, tiyar wake dala 150. Da matan suka tambayi wasu da suka ci kasuwar ran nan, suka tarar haka aka sai da su. Yaro ya fita zargi.

In lambobin ba su zo daidai ba

Ba kullum ake dacewa a samu lamba guda sama da ƙasa ba. Ga wani lissafi da na ba ƴan aji bisa takardar aiki. Ƙungiyar mata ta sayi sabulu 5 da kwalba 3 ta man gujiya, dala 690. Mai ajiyar kuɗɗi ta sayi nata a wurin, sabulu 1 da kwalba 1, dala 190. Za a raba ma mata kayan, kowacce ta biya kuɗin abin da ta ɗauka. Nawa ne sabulu, nawa ne kwalbar mai?

Mu ce s kuɗin sabulu 1, m kuɗin kwalba 1.

Layi na 1: 5s + 3m = 690
Layi na 2: 1s + 1m = 190

In mun ɗebe haka nan, ba harafin da zai fita. Sai mun sa kwalaben su zama daidai. Mu ƙaddara mai ajiya ta yi sayayyarta sau 3. Da ta sayi sabulu 3 da kwalba 3, ta biya 190 sau 3, wato 570. Wannan shi ne ninka layi: kowane abu da ke cikinsa sau 3, har da kuɗɗin.

Layi na 3: 3s + 3m = 570

Yanzu mu ɗebe layi na 3 daga layi na 1. Sabulu 5 a ɗebe 3, saura 2. Mai ya fita. 690 a ɗebe 570, saura 120. Ke nan 2s = 120, sabulu 1 dala 60. Mu koma layi na 2: 60 + m = 190, sai m = 130.

Mu gwada. Layi na 1: sabulu 5 dala 300, kwalba 3 dala 390, jimla 690. Layi na 2: 60 da 130 sun yi 190. Duka biyu sun yi daidai.

Don me ake gwadawa sau biyu?

Ran da muka yi wanga lissafi, wata ɗaliba mai ƙoƙari ta riga kowa gamawa. Ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, na gama, kuma na gwada. Sabulu dala 30, mai dala 160."

Na ce: "Inna, da wane layi kika gwada?"

Ta ce: "Da na 2. Ga shi, 30 da 160 sun yi 190."

Na ce mata ta gwada da na 1. Sabulu 5 a dala 30 ya yi 150. Kwalba 3 a dala 160 ta yi 480. Jimla 630, ba 690 ba. Dala 60 sun ɓace. Da a kan kuɗɗin ƙungiya ne na gaske, da ita za a ce ta cika su daga aljihunta.

Muka bi takardarta layi layi har muka ga kuskuren. Wajen ninkawa ta ninka mai, ta ninka kuɗɗi, amma ta manta sabulu. Ta rubuta 1s + 3m = 570. Da ta ɗebe sai ta samu 4s = 120, shi ya ba ta 30.

To, me ya sa layi na 2 bai kama kuskuren ba? Don da shi ta nemo kuɗin mai. Ta sa 30 cikinsa, ta nemi abin da zai cika 190. Ko 10 ta sa, ko 90, layin zai ba ta cikon, kuma gwaji zai yi daidai. Kamar mutum ne ya zama shaidar kansa. Layin da ba a nemo harafi na biyu da shi ba, shi ne shaida na gaske. Layi na 2 kuwa yana kama kuskuren da aka yi can ƙarshe, wajen neman cikon. Shi ya sa muke gwada su duka.

Ku kiyaye kuma: ana gwadawa da layukan farko, yadda suka zo cikin tambaya. Kada ku gwada da layi na 3, don wataƙila kuskuren cikinsa yake. In gwaji ya ƙi, kada ku goge aikin duka. Ku fara duba ninkawa, sa'an nan ɗebewa, sa'an nan rabawa.

Wani lokaci tarawa ake yi

Wani mutum yana da awaki da tumaki 17. Awakin sun fi tumakin da 5. A nan a yawan awaki ne, t yawan tumaki.

Layi na 1: a + t = 17
Layi na 2: a − t = 5

Harafin t yana da alamar + a sama, alamar − a ƙasa. In haka ne, tara layukan ake yi, don abin da aka ƙara da abin da aka ɗebe suna cinye juna. Sai mu samu 2a = 22, a = 11, t = 6. Gwaji: 11 da 6 sun yi 17, 11 a ɗebe 6 saura 5. In alamun iri guda ne a ɗebe, in sun bambanta a tara.

Inda dabarar ba ta aiki

In farashi ya canza tsakanin sayayya biyu, ba a haɗa su. Hatsin kaka da hatsin bazara ba kuɗi guda ba ne, ba za a ba su harafi guda ba. Haka kuma in sayayya ta biyu ninkin ta farko ce kawai, kamar sabulu 1 da kwalba 1, sa'an nan sabulu 2 da kwalba 2, haruffan duka biyu za su fita tare, a bar ku da 0 = 0. Sai an samo wata sayayya dabam. Kuma kada ku rubuta layi guda da dala, ɗayan da tamma.

Aiki

Ku yi waɗannan cikin kayenku. A ƙarshen kowanne ku rubuta gwaji biyu.

1. Kaye 3 da bik 2 dala 130. Kaye 1 da bik 2 dala 70. Nawa ne kaye, nawa ne bik?
2. Kaji 2 da zabo 1 dala 1400. Kaji 3 da zabi 2 dala 2400. Wane layi za ku ninka, kuma sau nawa? Nawa ne kaza, nawa ne zabo?
3. Wani ya ce amsar tambaya ta 2 ita ce kaza dala 500, zabo dala 400. Ku gwada masa. Wane layi ya kama shi?