Kawu, ga kalkuletar da nake so: yadda ɗalibi zai rubuta saƙon

Ɗalibin da ya shiga ajin farko a sashen injiniyanci ba ya daɗewa sai ya gane cewa kalkuletar da ya yi sakandare da ita ta gaza. Malami ya ba da lissafi mai ɓoyayyun lambobi uku, abokai sun danna sun samu amsa, shi kuwa yana ta fama da biro. Idan yana da kawu a ƙasar waje, sai ya rubuta masa. Yawancin irin wannan wasiƙa layi ɗaya ce bayan gaisuwa: "Kawu, a taimaka mini da kalkuleta ta kimiyya." Kawun kuma, wanda wataƙila direba ne ko ma'aikacin asibiti, zai shiga kanti ya tarar da iri goma a rataye, ya ɗauki wadda ta yi masa kyau a ido.

Sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Casio fx-82MS da Casio fx-991ES PLUS duk kalkuletocin kimiyya ne, amma ta farkon ayyuka 240 take yi, ta biyun 417, kuma a cikin bambancin ne buƙatar ɗalibin take. Ta biyun tana warware lissafi mai ɓoyayyun lambobi har uku, tana da sashen MATRIX da na CMPLX da ɗaliban lantarki ke amfani da shi kullum. Ta farkon ba ta da ko ɗaya.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne Casio na sauya suna daga kasuwa zuwa kasuwa. Kawun da ke Amurka zai iya zagaya kantuna bai ga fx-991ES PLUS ba, domin takwararta a can fx-115ES PLUS ake kiranta. Wanda ke Jamus za a miƙo masa mai harafin DE, irin fx-991DE X, rubutunta da Jamusanci. A Faransa fx-92 Collège ce ta cika kantuna, ta 'yan ƙaramar sakandare ce kuma da Faransanci take. Ita kuwa fx-991EX da ɗalibai ke yabo, kamfanin ya maye gurbinta da fx-991CW, wadda jerin maɓallanta ya bambanta. A ganina wannan ne dalilin da ya sa dole wasiƙar ta faɗi aikin da ake so na'urar ta yi, ta kuma ba da zaɓi na biyu. Ga misali:

"Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Mama na gaishe ku. Karatu na tafiya, alhamdu lillahi. Alfarma nake nema, idan da hali: kalkuleta Casio fx-991ES PLUS. A wajenku ana kiranta fx-115ES PLUS, ita ma ta yi. Idan ba a samu ba, a ɗauki fx-991CW. A duba rubutunta ya zama na Turancin Ingilishi. Kada a sayi mai babban allo da ke zana jadawali, ba a barinmu mu shiga jarrabawa da ita. Na haɗo da hotonta. Jarrabawarmu sai bayan Babbar Sallah, in akwai mai tahowa gida kafin nan a ba shi. Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri."

Maganar mai babban allo ba ƙarama ba ce. Kawu mai son ɗansa zai so ya sayi mafi tsada, irin TI-84 da ta cika makarantun Amurka, alhali ana iya adana bayanai a cikinta, shi ya sa masu sa ido a ɗakin jarrabawa kan hana. Kafin ɗalibi ya rubuta, ya tambayi malamin kwas ɗinsa wace iri aka yarda da ita.

Gudun jabu ne ke sa da yawa su nemi a aiko musu daga waje, sai dai jabun na nan a can ma, musamman wajen ƙananan dillalan intanet masu karya farashi. Gara kawu ya saya a babban kantin kayan makaranta. Idan ta iso, a gwada. Ta gaskiya tana aiki da hasken rana da ƙaramin batirin LR44, don haka ko an cire batirin za ta kunnu a cikin haske mai ƙarfi. Jabu da yawa farantin hasken nasu ado ne kawai. Sannan a danna MODE, a zaɓi EQN, a shigar da x + y = 5 da x − y = 1. Amsa ita ce x = 3, y = 2.

Ɗalibi, da zarar ta zo hannunka, ɗauki hotonta ka tura wa kawu tare da godiya a ranar, kada ka bari sai ya tambaya.