Giɓin da Ya Raba Jan Ƙarfe, Silikon da Gilashi

Faifan sola guda ɗaya ya haɗa abubuwa uku da halayensu suka yi hannun riga. A samansa akwai gilashi, wanda haske ke ratsawa amma wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. A ƙarƙashin gilashin akwai fallayen silikon masu duhun shuɗi ko baƙi, su ne ke mayar da haske lantarki. Daga baya kuma wayoyin jan ƙarfe ne ke kwashe wutar su kai ta batir. Abin mamaki shi ne gilashin da silikon ɗin 'yan gida ɗaya ne, domin daga yashi da dutsen ma'adini iri ɗaya ake samo su, kuma gilashi silikon ne da ya haɗu da iskar oksijin. To me ya sa ɗaya ke barin wuta ta ɗan wuce, ɗaya kuma ya toshe ta ƙurmus?

Bayanin da aka saba ji shi ne jan ƙarfe yana da ilektiron da yawa. Wannan bai gamsar ba. Dukkan ukun cike suke maƙil da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da cibiyar kowane atam, waɗanda tafiyarsu ce muke kira wutar lantarki. Bambancin yana wajen ko ilektiron ɗin suna da wurin matsawa.

A cikin atam guda, ilektiron ba ya ɗaukar kuzarin da ya ga dama. Akwai matakai ƙayyadaddu, ko ya zauna a wannan ko a wancan, babu zama a tsakani. A 1925 Wolfgang Pauli ya bayyana wata ƙa'ida da ta ƙara tsaurara lamarin: mataki ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ilektiron biyu. Idan ya cika, na uku sai ya nemi na gaba. To idan atam biliyoyin biliyoyi suka matsu da juna suka zama dunƙulen ƙarfe ko dutse, matakansu iri ɗaya ba sa iya zama daidai wa daida. Kowane mataki sai ya tsattsage ya zama matakai masu ɗimbin yawa, kusa da kusa har ba a iya rarrabe su. Wannan tarin matakan shi ne rukunin kuzari. Tsakanin wani rukuni da na samansa sau da yawa akan sami giɓi, inda babu mataki ko ɗaya da ilektiron zai tsaya a kai. Felix Bloch ne ya shimfiɗa lissafin a 1928, sannan a 1931 Alan Wilson, na Kambirij ta Ingila, ya nuna cewa yadda rukunan suka cika da faɗin giɓin su ne ke yanke hukunci a kan wane abu zai ɗauki wuta.

A ɗauka bene ne mai hawa biyu wanda ba shi da matakala. Idan mutanen da ke hawa na ƙasa sun cika rabinsa kawai, da an ce a matsa gabas kowa zai matsa. Idan kuwa an cika shi har babu masaka tsinke, ko an yi ta ihu babu mai motsawa, sai fa idan wani ya yi tsalle ya haye sama, inda fili yake fetal. Tsayin rufin shi ne giɓin. Abu ɗaya za a kiyaye: wannan benen na kuzari ne, ba wuri ba ne a cikin waya. Ilektiron da ya haye sama yana nan cikin dutsen, kuzarinsa ne ya ƙaru.

Kuma ba wai ilektiron na cikakken rukuni a tsaye suke cik ba. Suna ta gudu, amma duk wanda ya nufi gabas akwai takwaransa da ya nufi yamma, sai lissafin ya tashi a sifili. Domin wuta ta gudana dole batir ya karkatar da wasu, masu zuwa gabas su fi yawa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da matakan da babu kowa a kansu.

Jan ƙarfe yana da ilektiron 29 a kowane atam, 28 daga ciki sun cika matakan ƙasa, guda ɗaya ne ke can waje. Rukunin da wannan ɗayan ke shiga yana da gurbi biyu ga kowane atam, don haka rabinsa kawai ke cika. Babu tsalle, babu giɓin da za a tsallake. Ƙaramin batir na tocila ya isa ya tura su, shi ya sa a kowace santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri ta jan ƙarfe akwai ilektiron masu yawo da adadinsu ya kai 85 da sifili 21 a bayansa. (Kada a ɗauka duk mai ilektiron biyu a waje zai toshe wuta. Zink da magniziyam biyu-biyu suke da su, amma rukunansu sun hau kan juna babu giɓi, don haka su ma ƙarafa ne masu ɗaukar wuta.)

Silikon yana da ilektiron huɗu a waje, kuma kowane atam ya riƙe maƙwabta huɗu da su. Rukunin ƙasa yana da gurbi huɗu ga kowane atam, ya cika ke nan daidai, na sama kuma wayam. Ana auna giɓin da ma'aunin ilektiron-bolt, wanda ake rubutawa eV. Na silikon kusan 1.1 ne. Na tsantsar gilashin yashi kuwa kusan 9 ne, domin oksijin yana riƙe ilektiron da ƙarfin gaske.

A ido, 1.1 da 9 ba wata tazara ba ce, ninki takwas ne kawai. A nan ne lamarin ya fi daɗin bi a hankali. Abin da ke cilla ilektiron sama shi ne zafi, wato girgizar da atam ke yi koyaushe. A zafin ɗaki, abin da wannan girgiza ke bayarwa a matsakaici bai wuce 0.026 eV ba, kusan kashi ɗaya cikin 43 na giɓin silikon. Galibin ilektiron ba sa ko kusantar rufin. Amma girgizar ba a raba ta daidai ba, jefi-jefi wani yakan dace da bugu mai ƙarfi ya haye. Lissafi ya nuna cewa a zafin ɗaki, duk lokacin da giɓi ya ƙaru da kimanin 0.12 eV, yawan masu hayewa yakan ragu ninki goma. A raba 1.1 da 0.12, za a sami ɗan fiye da 9, wato a raba da goma har sau tara. Abin da ya rage a santimita ɗaya ta tsantsar silikon shi ne ilektiron kusan biliyan 10. Adadin ya yi kama da mai yawa, amma jan ƙarfe ya ninka shi sau tiriliyan takwas. Yanzu a raba 9 da 0.12, za a sami 75. Raba abu da goma sau 75 ba ya barin komai. Ko da gilashin ya kai girman duniyar nan, zafin ɗaki ba zai haye da ilektiron ko ɗaya ba.

Duk ilektiron da ya haye a silikon yakan bar gurbi a ƙasa, na kusa ya matso ciki, shi ma ya bar nasa. Ta haka gurbin ke tafiya, kuma shi ma yana ɗaukar wuta.

Tsantsar silikon dai ba ta da wani amfani sosai, a ganina darajarta tana cikin yadda take karɓar gyara. Fosforas yana da ilektiron biyar a waje. Idan aka sa shi a mazaunin atam na silikon, huɗu za su riƙe maƙwabta, na biyar ya rasa abin riƙewa, ya zauna ƙasa kaɗan da rukunin sama, tazarar 0.045 eV kacal. Wannan kam zafin ɗaki ya isa. Santimita ɗaya ta silikon tana da atam 5 da sifili 22. A sa fosforas ɗaya cikin kowane miliyan, an sami ilektiron masu yawo 5 da sifili 16, ninki miliyan biyar ke nan a kan biliyan 10 na farko. Boron, mai ilektiron uku, yana yin akasin haka, gurabu yake samarwa. Inda ɓangare mai fosforas ya haɗu da mai boron, wuta takan bi ta fuska ɗaya kawai, kuma a kan wannan mahaɗa aka gina dayod da tiranzista da fallen sola. Tiranzistar farko, ta 1947 a ɗakin binciken Bell na Amurka, da jamaniyam aka yi ta. Giɓinsa kusan 0.67 ne, don haka da ya ɗan yi zafi sai wuta ta riƙa zurarewa ta inda ba a so, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa silikon ya karɓe kasuwa.

Zafi ne ma hanya mafi sauƙi ta gane wane iri ne abu. A jan ƙarfe yawan masu yawo ba ya ƙaruwa, sai dai atam su ƙara girgiza su riƙa karo da su, shi ya sa turjiyar waya ke ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Wayar da ta tashi daga digiri 20 zuwa 70 turjiyarta ta ƙaru da kashi 20 cikin 100. A tsantsar silikon kuwa turjiya raguwa take yi, domin masu hayewa suna ninkawa kusan duk bayan digiri 10. Ga mai sola wannan ba labari ne mai daɗi ba. Ƙarin masu hayewar yana zurarar da wuta a mahaɗar, ƙarfin bolt ya sauka, faifan ya rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, faifan da aka manna da kwano babu iska a ƙarƙashinsa yana iya kai digiri 65, asarar kusan kashi 16 cikin 100 ke nan, ga rana tsaka. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa ke barin tazara tsakanin faifai da rufi.

Haske ma giɓin yake yi wa biyayya. Hasken da ido ke gani yana zuwa ne a ƙunshe-ƙunshe masu kuzarin kusan 1.8 eV ga ja, zuwa 3.1 ga shunayya. Kowane ya fi 1.1, don haka silikon yana haɗiye shi, ilektiron ya haye. Babu wanda ya kusanci giɓin gilashi, sai hasken ya wuce abinsa.

Sai dai gilashi ba ya toshe wuta a kowane hali. Gilashin taga da na kwalba ba tsantsar yashi ba ne, an haɗa shi da sinadarin sodiyam da farar ƙasa. Idan aka gasa shi har ya yi ja, atam na sodiyam masu ɗauke da caji sukan saki jiki su fara tafiya, sai gilashin ya ɗauki wuta ba tare da wani ilektiron ya tsallake giɓi ba. Haka kuma fayafayan gilashi ko tangaran da ke riƙe manyan wayoyi a kan turaku. Idan aka ga tartsatsi a jikinsu, galibi gilashin lafiyarsa lau. Ƙurar hunturu ce ta taru a kansa, raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, wuta ta bi ta kan wannan dattin da ke waje. Saboda haka ne ake ƙera su da lanƙwasa-lanƙwasa a ƙasansu, domin hanyar da wuta za ta bi ta bayan gilashin ta yi tsawo, wani sashenta kuma ya zauna a bushe.