Na'urar da ke tayar da kanta idan ta sandare

Duk mai riƙe da waya ko na'urar cirar kuɗi ya san maganin farko idan ta sandare: a kashe, a kunna. Maganin yana ci saboda akwai hannun mutum a kusa. Amma akwai dubban ƙananan na'urori da aka kafa a wuraren da babu kowa, a kan turken sabis, a gindin fitilar titi, a jikin tankin rijiyar burtsatse mai amfani da sola. Idan irin wannan ta sandare da tsakar dare, wa zai kashe ya kunna? Injiniyoyi sun daɗe da amsa tambayar da masu gadi guda biyu da ake ginawa a cikin cif ɗin kanta. Ɗaya yana lura da aiki, ɗayan yana lura da wuta.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. An kafa akwati a kan tankin ruwa na wani ƙauye mai nisan tafiyar awa huɗu daga birni. Aikinsa ya auna yawan ruwa, ya tura saƙon tes sau ɗaya a kowace awa. A cikinsa akwai cif ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno, tana gudu a megahaz 16 da wutar bolt 5. Akwai modam SIM800L mai ɗauke da layin waya, sai batir da faifan sola. Wata uku komai lafiya. Da hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe faifan, sai saƙo ya ɗauke, kuma na ƙarshe ya zo ne gab da asuba. Aka tura mutum, ya tarar fitilar akwatin a kunne, batir da caji. Ya zare waya ya mayar, akwati ya ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Bayan mako guda aka sake maimaitawa.

Lokacin da saƙon ya ɗauke shi ne bakin zaren. Da asuba batir ya fi rauni, domin ya kwana yana bayarwa ba tare da ya karɓa ba. Shi kuma modam na GSM ba ya shan wuta a hankali. Idan zai yi magana da turken sabis, yakan fizgi wutar da ta kai amfiya 2 na ɗan lokacin da bai wuce rabin milisakan da kaɗan ba, ya saki, ya sake fizga, sama da sau 200 a daƙiƙa. Idan wayoyin da ke kawo wutar sirara ne kuma dogaye, har turjiyarsu ta kai rabin om, kowace fizga tana zubar da bolt 1 cur a hanya. Haɗa wannan da batir da ya gaji, sai bolt 5 ta gangaro zuwa 3 da ɗoriya.

A nan haɗarin yake. Ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ta da wata illa: cif ta mutu, wuta ta dawo, ta fara daga farko. Wutar da ta yi rauni ba ta ɗauke ba ita ce mugunya. Takardar bayanin ATmega328P ta nuna cewa tana iya gudun megahaz 10 a bolt 2.7, da megahaz 20 a bolt 4.5, don haka megahaz 16 na bukatar kusan bolt 3.8. Ƙasa da haka masu ƙera ta ba su yi alkawarin komai ba. Tana iya karanta umarni ba daidai ba, ta yi tsalle zuwa wani ɓangaren manhaja da ba a nufa ba, ko ta lalata bayanan da aka adana idan raunin ya same ta tana cikin rubutu. Rana ta fito, batir ya cika, amma cif ba za ta farfaɗo ba, saboda a wajenta wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba balle ta fara daga farko.

Mai gadin wuta an yi shi ne don wannan. Kullum yana gwada ƙarfin wutar da wani ma'auni, da zarar ta sauka ƙasa da shi sai ya danne cif, ya hana ta yin komai har wutar ta dawo daidai, sannan ya sake ta ta fara daga farko. A wannan cif ana zaɓar ɗaya cikin ma'auni uku: bolt 1.8, ko 2.7, ko 4.3. Allon Uno yana zuwa ne a kan 2.7. Ke nan tsakanin 2.7 da 3.8 akwai tazarar da cif ke gudu cikin haɗari, mai gadi kuma yana ganin komai lafiya. A wannan tazarar akwatin tankinmu ya faɗa.

Ana iya ɗaga ma'aunin zuwa 4.3, ko a rage gudun cif zuwa megahaz 8, inda 2.7 ta wadatar. Sai dai ɗaga ma'auni ba ya ƙara wa batir ƙarfi. Abin da zai faru shi ne akwatin ya daina sandarewa, ya koma sake tashi duk lokacin da modam ya yi yunƙurin aika saƙo. Gyara na gaskiya yana wajen wuta: a sa babbar kafasita, kamar mai maikurofarad 1000, dab da ƙafafun modam, a gajarta wayoyi a kaurara su, a kuma koya wa manhaja ta auna batir kafin ta kunna modam, idan ya yi ƙasa ta jira hantsi. Masu aiki da cif ESP32 sukan ga `Brownout detector was triggered` a kan allo, wasu kuma su je su kashe mai gadin don saƙon ya daina damun su. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, domin raunin wutar yana nan daram, an dai toshe bakin wanda ke faɗa ne kawai.

Ba kowace sandarewa ce daga wuta take ba. Manhaja tana iya tsayawa jiran amsa daga ma'aunin ruwa, amsar kuma ta ƙi zuwa saboda tsawa ko danshi ya taɓa waya. Idan wanda ya rubuta ta bai sa iyakar jira ba, za ta jira har abada. Nan ne mai gadi na biyu yake shigowa, agogon gadi, wanda masu sana'ar ke kira wacdog. Aikinsa ya yi kama da yarjejeniya tsakanin maigida da maigadinsa: ka riƙa busa usur lokaci bayan lokaci, idan na ji shiru ya yi tsawo zan fito in tashe ka. Agogon yana ƙirga lokaci, manhaja kuma dole ta riƙa mayar da ƙidayarsa sifili. Idan ta kasa har wa'adi ya cika, sai ya sake tayar da cif. A ATmega328P wa'adin yana farawa daga milisakan 16 zuwa daƙiƙa 8, kuma agogon yana da nasa bugun na kilohaz 128, daban da na cif, don kada su tsaya tare.

```c
uint8_t dalili = MCUSR;
MCUSR = 0;
wdt_disable();
shirya_komai();
wdt_enable(WDTO_8S);
while (1) {
    karanta_awo();
    kula_da_modam();
    if (awo_na_tafiya && modam_na_tafiya)
        wdt_reset();
}
```

Layin `wdt_reset()` shi ne busa usur ɗin, kuma inda aka ajiye shi ya fi komai muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa shi ko'ina cikin manhaja, har da cikin wurin jiran da ake tsoron a maƙale, ko a ɗora shi a kan wani ɓangare mai tashi da kansa lokaci-lokaci ko da babban aiki ya tsaya. Idan aka yi haka, akwati zai sandare amma agogo ya ci gaba da jin cewa lafiya lau. Daidai shi ne a ajiye shi wuri guda, kuma kada a kira shi sai kowane aiki ya nuna ya motsa gaba. Tura tes yana iya wuce daƙiƙa 8 idan sabis ya yi rauni, don haka ana gutsuttsura jiran, a leƙa a dawo, tare da wa'adinsa na daban. Rashin sabis ba sandarewa ba ne, bai kamata ya jawo sake tashi ba.

Layuka uku na farko ma suna da dalili. `MCUSR` wata 'yar ma'ajiya ce da ke riƙe da abin da ya jawo tashin ƙarshe: `PORF` idan sabuwar wuta ce, `EXTRF` idan an danna maɓalli, `BORF` idan raunin wuta ne, `WDRF` idan agogon gadi ne. Akwatin da ke saka wannan dalili a saƙonsa na gaba ya rage wa mai gyara rabin aiki. `BORF` da asuba yana nuni ga batir da wayoyi, `WDRF` a kowane lokaci na yini yana nuni ga manhaja ko ma'auni. Goge ma'ajiyar da kashe agogon da wuri kuma wajibi ne, saboda bayan agogo ya tayar da cif yakan zauna a kunne da mafi gajarta wa'adi, milisakan 16. Idan manhaja ta yi jinkirin farawa, zai sake tayar da ita, ya sake, ba iyaka. Tsofaffin allunan Arduino da dama sun sha wannan matsala.

Fitaccen misalin amfanin agogon ya faru ne a duniyar Mas. Kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka can ranar 4 ga Yuli, 1997, bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara sake tashi da kanta. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi yana riƙe da makullin da babban aiki ke jira, ayyuka matsakaita kuma sun hana ƙaramin samun damar gamawa. Tsarin gadi ya ga babban aiki bai kammala a kan lokaci ba, ya sake tayar da komai. An yi asarar wasu awanni na aiki, amma kumbon bai yi shiru ba. Injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan irin kwamfutar da ke wajensu a ƙasa, suka gano ta, suka aika gyara ta rediyo. Agogon bai gyara kuskuren ba, ya dai riƙe kumbon da rai har mutane suka gyara.

Akwai wata iyaka da ake yawan mantawa da ita. Agogon gadi cif kaɗai yake tayarwa. Idan modam ne ya sandare, cif za ta tashi sau ɗari ta same shi yadda ta bar shi. Saboda haka ake sa ƙaramin makunni na taransista a kan wutar modam da ta ma'auni, don manhaja ta iya yanke musu wuta na 'yan daƙiƙu ta mayar, wato abin da mutumin da aka tura ya yi da hannunsa. A wuraren da zuwa ke da tsada sosai, ana ƙara agogon gadi na waje, wata cif daban mai iya yanke wutar dukan akwatin. Ana kuma ƙirga sake tashi: idan ya faru sau biyar a jere, manhaja ta bar modam a kashe na awa guda, kada yunƙurin banza ya ƙarasa batir.

Duk wannan ana gwada shi ne a kan tebur kafin akwati ya bar shago. A sa manhaja ta maƙale da gangan a ga ko za ta tashi cikin daƙiƙa 8. A zare wayar ma'auni tana cikin aiki. A haɗa akwatin da injin ba da wuta mai daidaituwa, a sauke daga bolt 5 zuwa 2 sannu a hankali yayin da modam ke tura saƙo, a sake ɗagawa a hankali yadda hasken safiya ke cika batir, a maimaita sau da yawa, kowane karo ana duba dalilin da cif ta rubuta.