Tsakuwar da ta tashi daga Jos za ta teku

Daga cikin labaran da ake rubuta wa yara don koyar da tarihin ƙasa akwai na tsakuwa. Ana ɗaukar tsakuwa guda a mayar da ita jarumar labari, a bi ta tun tana manne a jikin dutse har ruwa ya kai ta teku. Marubuciya Meredith Hooper ta fitar da irin wannan littafi a 1996, ta fara nata labarin daga aman wutar dutse shekara miliyan 480 da suka wuce. Mai son ba yaranmu labarin yana da hanyarsa a gida, daga tsaunukan Jos zuwa Tekun Atilantika, muddin ya san abin da ke samun tsakuwar a hanya.

Yawancin manyan duwatsun kewayen Jos narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa shekara kusan miliyan 160 da suka wuce. A lokacin Afirka da Kudancin Amurka na haɗe, ba su gama rabuwa a gaɓarmu ba sai wajen shekara miliyan 100 baya. Wato tsakuwar ta girmi tekun da za ta je. A ganina wannan ya isa buɗe labari, don yaro ba ya jin sa bai yi tambaya ba.

Sannan dutsen bai fashe rana ɗaya ba. Ruwan sama ne ke shiga tsagoginsa yana ruɓar da shi a hankali, ya fi cin kusurwoyi, sai dunƙulallen tsakiya ya rage. Idan ruwa ya wanke ruɓaɓɓen sashen, sai ka ga duwatsu a ɗore kan juna, irin na Riyom. Ɓangaren da ya ruɓe shi ke zama yumɓu da farar ƙasa. Wanda ya ƙi ruɓewa shi ne farin dutsen nan mai ƙarfi da ake kira ƙanƙara, kuma da shi ya kamata a yi jarumar labarin, don shi ke jure tafiya.

A ce ta faɗa wani rafi kusa da Vom, yankin da Kogin Kaduna ya samo tushe. Kogin zai ratsa garin Kaduna, ya bi ta Zungeru da Wushishi, ya zuba cikin Neja daura da Pategi bayan tafiyar kilomita kusan 550. Daga nan sai Lokoja, inda Binuwai ke shigowa, sai Onica, sai teku. Da kuwa ta gangara ɗaya gefen tudun ta faɗa Kogin Dilimi, da ruwan ya nufi da ita Jama'are, hanyar Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku.

Inda masu ba da labarin suka fi yin kuskure shi ne su sa tsakuwar ta yi ta gudu. Ai ruwan da ya sauka a Jos cikin makonni yake isa teku. Me zai ci wa tsakuwa miliyoyin shekaru? Zama ne. Tsakuwa ba ta yawo a saman ruwa, mirginawa take yi a gindin kogi, shi ma sai damina ta yi ƙarfi ruwa ya cika ya tumbatsa. Ta ɗan matsa gaba, ruwa ya ja baya, ta tsaya. Wata shekarar kogi ya sauya hanya ya bar ta binne a fadama, laka ta rufe ta, ƙila har a yi noman shinkafa a kanta, sai bayan dubban shekaru kogin ya dawo ya ci gaɓar ya tono ta. Yanzu ga ƙarin shinge: madatsar Shiroro da aka kammala a 1990, inda ruwa ke lafawa, duk abu mai nauyi ya kwanta a gindi.

Duk mirginawar da ta yi tana gogar 'yan'uwanta, kaifinta na gushewa. Wannan yaro zai iya gwadawa da hannunsa. A ba shi tsakuwar kwari da injin ya fasa da kuma ta bakin kogi, ya shafa: ta kwari mai kaifi ce, ta kogi sumul.

Ƙarshen labarin ne ke buƙatar ƙarfin hali. Idan kogi ya sauka fili ƙarfinsa na raguwa, ya kasa tura tsakuwa, sai yashi da laka yake iya ɗauka. Shi ya sa yankin da Neja ke shiga teku ta rassan Nun da Fokados yashi ne da taɓo. Abin da zai isa can daga tsakuwar Jos ƙwayoyin yashin da suka goge daga jikinta ne, wasu sun riga wasu da dubban shekaru. Marubucin da ya kai ta teku a dunƙule ya sauƙaƙa wa kansa ne, ya kuma bar yaro yana zaton gaɓar tekun Bayelsa cike take da tsakuwa.