Ƙarambau da Zosta: Yadda Ƙwayar Cuta Ɗaya Ke Ɓuya a Jijiya Ta Dawo Bayan Shekaru

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dangantakar da ke tsakanin ƙarambau, wanda yara ke yi, da wani ciwon ƙuraje mai raɗaɗi da ke kama manya a ɓari ɗaya na jiki, wanda likitoci ke kira zosta. Ta nuna cewa ƙwayar cuta ɗaya ce ke haddasa su duka biyu, ta bi sawun inda ƙwayar ke ɓuya da abin da ke tayar da ita, sannan ta kawo misali daga rayuwar gida a birnin Katsina.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarambau, kuma ya bambanta shi da ƙyanda da agana, kowanne da sunansa. A likitancin Turai, sai a shekarar 1767 William Heberden ya fayyace bambancin ƙarambau da agana a rubuce. Agana ta fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, ƙurajenta kuma tare suke nuna. Ƙarambau kuwa ya fi yawa a ƙirji da baya, kuma a rana guda za a ga sabon ƙurji da mai ruwa da wanda ya bushe. An daina ganin agana a Nijeriya tun 1970, aka tabbatar da kawar da ita daga duniya a 1980, amma ƙarambau yana nan yana zagaya gidaje da makarantu.

Abin da aka saba ji a bakin iyaye shi ne ƙarambau sau ɗaya ake yin sa. Maganar tana da gaskiya, domin da wuya mutum ya maimaita shi. Sai dai warkewar ƙurajen ba ta nufin ƙwayar ta bar jiki. Tana nan kwance kamar garwashin da toka ta rufe, kuma kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ke ɗauke da ita zai ga tashinta a rayuwarsa.

2.0 Shigar Ƙwayar Cikin Jiki

Ƙwayar ƙarambau tana cikin jinsin bairos, wato ƙwayoyin da ba su iya hayayyafa sai sun shiga cikin ƙwayar halittar jikin wani. Tana bin iska ta shiga ta hanci da maƙogwaro, ta hau fararen ƙwayoyin jini su kai ta fata. Daga kamuwa zuwa fitowar ƙuraje ana ɗaukar kwana 10 zuwa 21. Mai ciwon yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga komai a jikinsa, kuma ba ya dainawa sai ƙurajen sun bushe duka. Shi ya sa a babban gida na cikin birni, inda 'ya'yan ɗakuna da yawa ke wasa a tsakar gida ɗaya, in yaro guda ya fara, sai a ga sauran suna bi bayan mako biyu. A cikin mutum goma da ba su taɓa yi ba kuma suke zaune gida ɗaya da mai ciwon, har tara na iya kamuwa.

3.0 Maɓoyarta a Jijiya

A nan ya kamata a tsaya a kan kalmar jijiya. Hausa tana amfani da ita ga hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ma'ana ta uku ake nufi a nan, musamman jijiyoyin ji, waɗanda ke sanar da mutum zafi da sanyi da taɓawa.

Daga laka, wadda ke cikin ƙashin baya, jijiyoyi 31 ke fita ta dama, wasu 31 ta hagu. Kusa da inda jijiyar ji ke haɗuwa da laka akwai wani ɗan ƙullutu, a cikinsa ne tushen ƙwayoyin jijiyar suke. Kowane ƙullutu yana da yankin fatar da yake kula da shi, kuma a gangar jiki yankunan sun jeru ne kamar kunyoyin gona, kowanne ya taso daga gadon baya ya zagayo ya tsaya a tsakiyar ƙirji ko ciki. Fuska ita ma tana da nata ƙullutun a cikin kai, mai rassa uku: na goshi da ido, na kunci, da na haɓa.

Lokacin da yaro ke fama da ƙarambau, ƙwayar takan shiga bakin jijiyoyin da ke fata ta bi su har zuwa ƙullutun, wata kuma jini ke kai ta. Da ta isa sai ta daina hayayyafa, ta ajiye kundin gadonta a cikin ƙwayar jijiyar. Tun da ba ta ƙera sababbin ƙwayoyi, ba ta barin alamar da garkuwar jiki za ta bi ta kawar da ita. Ƙwayoyin jijiya kuma ba irin na fata ba ne da ke mutuwa a sake su. Suna rayuwa tsawon ran mai su. Wannan ne ya sa ɓuyar ke iya kai shekara hamsin ko sittin.

4.0 Yadda Aka Gano Asalinsu Ɗaya

A ƙarshen ƙarni na 19, wani likitan yara a Budapest, János Bókay, ya lura cewa yara kan yi ƙarambau bayan sun zauna da babba mai zosta. A shekarun 1950 Thomas Weller na Jami'ar Harvard ya raini ƙwayar a ɗakin gwaji daga ruwan ƙurajen cututtukan biyu, bai sami bambanci a tsakaninsu ba. Sai kuma Edgar Hope-Simpson, likitan wani ƙaramin gari mai suna Cirencester a Ingila, wanda ya shafe shekara 16 yana rubuta bayanan masu zosta a cikin majinyatansa. A 1965 ya bayyana cewa zosta tashin tsohuwar ƙwayar ƙarambau ce idan garkuwar jiki ta yi rauni, kuma binciken ƙwayoyin gado na shekarun 1980 ya gaskata shi.

5.0 Tashinta: Misali Daga Katsina

Mu ƙaddara wani dattijo ɗan shekara 68 a wata unguwa kusa da Hasumiyar Gobarau, wanda ya yi ƙarambau yana ɗan shekara bakwai a makarantar allo. Shekara 61 ke nan wasu fararen ƙwayoyin jini na danne ƙwayar duk lokacin da ta motsa. Tsufa yana rage ƙarfin waɗannan masu gadi, ga shi kuma yana da ciwon suga.

Ran Litinin ya ji zugi a haƙarƙarinsa na dama, kamar ana ɗora masa garwashi, har taɓawar riga ma ciwo take yi masa. Babu abin da ake gani a fatar, don haka aka zaci sanyi ne ko gyambon ciki. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar ta farka a ƙullutu guda, tana hayayyafa tana ƙona jijiyar, tana gangarowa ta hanyar da ta bi ta hau. Ran Alhamis sai jajayen tabo suka fito, kashegari suka zama gungun ƙuraje masu ruwa, a jere daga gadon baya zuwa tsakiyar ƙirji, suka tsaya cak ba su tsallaka hagu ba. Wannan tsayawar ita ce babbar shaida, domin iyakar yankin jijiyar ke nan. Daga wannan siffa sunan ya samo asali, don zosta a Girkanci ɗamara take nufi. Wasu kan tsorata cewa in ƙurajen suka zagaye jiki mutum zai mutu, alhali rashin zagayewar tsarin jijiya ne kawai.

Lokaci shi ne abin lura. Maganin asaikilobiya yana hana ƙwayar hayayyafa, kuma ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Likita kan ba babba miligiram 800 sau biyar a rana har kwana bakwai, ya rage idan ƙoda ba ta da lafiya. Da dattijon zai je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya kafin Lahadi, da ya shiga cikin wannan wa'adi. In kuwa aka ɓata mako ana shafa toka ko man zafi, maganin zai tarar da ɓarnar ta riga ta auku, ƙurajen kuma na iya ruɓewa. Ko an sha shi a kan kari, ba ya taɓa ƙwayar da ke barci a sauran ƙullutai.

Bayan mako biyu, jikarsa 'yar shekara huɗu da ke hawa cinyarsa ta fito da ƙuraje a duk jiki. Ƙarambau ta yi, domin wannan ne haɗuwarta ta farko da ƙwayar. Ba a ɗaukar zosta daga wani. Daga cikin jikin mai ita take tasowa. Saboda haka ake rufe ƙurajen da tsumma mai tsabta, a nisanta jarirai da mai cikin da ba ta taɓa yin ƙarambau ba. Ita yarinyar kuma farasitamol ake ba ta don zazzaɓi, a guji asfirin, saboda yana iya jawo mummunar illa ga hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai ƙarambau.

6.0 Alamomin Haɗari

Ƙurajen kan bushe su warke cikin mako biyu zuwa huɗu, amma jijiyar da ta ƙone na iya ci gaba da aika saƙon zafi. Idan zugin ya wuce kwana 90, ya zama ciwo mai zaman kansa, wanda ke samun kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari na masu zosta, galibi tsofaffi. Yana hana barci, kuma magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba su cika kwantar da shi ba.

Idan ƙurajen suka fito a goshi, musamman har da kan hanci, ido na cikin haɗari, sai a nemi likitan ido a ranar. Idan a kunne ne, ɓarin fuska na iya shanyewa. Idan kuma matashi ne ya yi zosta, ko ta kama yanki fiye da ɗaya, ko ta maimaita, likita zai bincika abin da ya raunana garkuwar, ciki har da cuta mai karya garkuwar jiki, wadda zosta kan zama alamarta ta farko.

7.0 Kammalawa

Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka ya samar da allurar rigakafin ƙarambau a 1974, kuma tun 2017 akwai wata ta zosta don manya, wadda ake yi sau biyu, mai kariya fiye da kashi 90 cikin ɗari. Babu ko ɗaya daga cikinsu a jadawalin rigakafin yara na kyauta a Nijeriya, don haka mafi yawan dattawan Katsina na ɗauke da ƙwayar, jikokinsu kuma na ci gaba da ɗauka. Abin da ya rage a hannun iyali shi ne gane ciwon da wuri: zugi a ɓari ɗaya, ƙuraje a jere da ba su tsallaka tsakiya ba, da zuwa asibiti cikin kwana uku. Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a buɗe, na tattara sunayen da kowace karin harshe ke kiran wannan ciwo da su, da zaɓen kalmomin da za su raba ma'anonin jijiya, domin ma'aikacin lafiya ya iya faɗa wa dattijo a harshensa cewa ƙarambaun yarintarsa ne ya dawo.