Fasta uku, zaɓi ɗaya: yadda malamar zane ke duba aikin ɗalibi

A sassan koyar da zane na manyan makarantunmu, irin Sashen Zane-zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ɗalibi ba ya tsayawa kan tunanin farko da ya zo masa. Yakan yi samfura da dama, malami ya auna su, ya ce ga wanda za a ci gaba da shi. Takardar da malami ke rubutawa a wannan gaɓa ba ta cika wuce shafi ɗaya ba, amma a cikinta ɗalibi ke koyon yadda ake kallon aiki da idon sana'a.

A ce an ba wani ɗalibi aikin zana fastar rigakafin ƙyanda, mai girman A2, wato santimita 42 a faɗi da kusan 60 a tsawo. Za a manna ta a bangon asibitin shan magani da bakin kasuwa. Saƙon gajere ne: a kawo yaro allura idan ya kai wata 9, a sake kawo shi a wata 15, kuma kyauta ne. Ɗalibin ya kawo samfuri uku. Na farko hoton uwa ne goye da jariri, ya cika takardar, da rubutu ruwan ɗorawa a kansa. Na biyu farar takarda ce da babban kanu baƙi, da zanen hannun yaro da katin rigakafi, sai lamba 9 ja ƙatuwa. Na uku yana ɗauke da akwatuna shida na bayani: alamomin ƙyanda, yadda ake kamuwa da ita, illolinta, da sauransu.

Malamar ba ta fara da cewa wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba. Ta buɗe takardarta da maimaita aikin da aka ba shi: wa zai ga fastar, daga wace tazara, kuma me ake so ya yi bayan ya gani. Wanda ake nufi uwa ce mai wucewa da kaya a kai, ko uba a kan babur, kuma daƙiƙa biyu zuwa uku kawai za su ba bangon. Da wannan ma'auni ta auna samfuran duka uku. Idan babu ma'auni irin wannan, sharhi yakan koma son rai, ɗalibi ya fita yana ganin malama ce kawai ba ta son launin da ya zaɓa.

Samfurin farko shi ne ɗalibin ya fi ƙauna, shi ya sa ta fi daɗewa a kansa. Ta yarda cewa hoton yana jan ido. Matsalar ita ce kanun. Tsawon haruffansa santimita 2 ne, alhali masu yin alluna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: kowane santimita biyu da rabi na tsawon harafi yana karantuwa cikin sauƙi daga tazarar mita uku. Ke nan sai mutum ya matso kusa da bango kafin ya san zancen me ake yi. Ga kuma ruwan ɗorawa a kan mayafin uwar mai haske. Ta ce masa ya kai samfurin wurin mai hoton takardu a fitar masa da shi baƙi da fari. Idan rubutu ya narke cikin hoto a wannan gwaji, to launi ne kaɗai ke riƙe da shi, launi kuwa rana da hazo ba sa barinsa ya daɗe a bango.

Akwai wani aibi da ba ya fitowa a fuskar kwamfuta. Hoton ta WhatsApp aka turo wa ɗalibin, faɗinsa ɗigo dubu ne kawai. Idan aka shimfiɗa shi a santimita 42, kowane inci zai samu ɗigo kusan 60, alhali ana son 300 a aikin da ake karantawa a hannu, ko aƙalla 150 a fastar bango. Fuskar jaririn za ta fito dishi-dishi, gefen haruffa da ke cikin hoton kuma su yi kaushi. Ta ƙara da tambaya guda: an nemi izinin matar kafin a sa fuskarta da ta ɗanta a kasuwa?

Na uku bai ɗauke ta lokaci ba. Bayanansa daidai ne, amma ƙasida ce aka mayar fasta. Haruffa salo huɗu, akwatuna duk girmansu ɗaya, ido bai san inda zai fara sauka ba. Ta ba shi shawarar ya ajiye shi, zai yi amfani a matsayin takardar da ma'aikaciyar lafiya ke miƙa wa iyaye a ɗakin jira, inda mutum ke zaune da lokaci a hannunsa.

Sai ta zo kan zaɓinta, ba tare da kwana-kwana ba: “Ka ci gaba da na biyu. Na san shi ne ka fi rainawa, amma shi kaɗai ne nake iya karantawa daga ƙofar aji. Ka kanne idanunka ka dube shi: lambar 9 za ka fara gani, sannan kanu, sannan kalmar kyauta. Tsarin da uwa ke bukata ke nan.” A ganina wannan shi ne sashen da malamai da yawa ke kauce wa. Sai su yabi kowane samfuri kaɗan, su soki kowane kaɗan, su bar ɗalibi ya haɗa ukun ya fito da abin da bai kai ko ɗaya ba.

Zaɓin bai sa ta rufe ido kan gyaran da na biyun ke bukata ba. Kanun, “Rigakafin ƙyanda”, ta ce a raba shi layi biyu, domin haruffa masu tsawon santimita 5 ba za su shiga faɗin takardar a layi ɗaya ba; da hakan za a karanta shi daga mita shida. Allura ta biyu, ta wata 15, ta ɓuya a ƙasa kusa da tambarin asibiti, a ɗago ta ta zauna ƙarƙashin lambar 9. Sannan ta lura cewa harafin ƙ ya bambanta da 'yan'uwansa, ya fi su siranta. Dalili shi ne salon haruffan da ya zaɓa ba shi da haruffan Hausa masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro ɗaya daga wani salo. Wannan kuskure ya cika allunan garuruwanmu, wani lokaci ma akwati ne babu komai ke fitowa a gurbin harafin. Maganin shi ne a gwada ƙ, ɗ da ɓ a salon tun kafin a fara aiki.

Ta rufe da abin da maɗaba'a ke nema. A mayar da launuka daga RGB, na fuskar kwamfuta, zuwa CMYK, na tawada, domin jan da ke walƙiya a kwamfuta yakan dusashe a takarda, gara ya ga hakan yanzu. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Idan a CorelDRAW ya yi aikin, ya bi ta Convert to Curves kafin ya fitar da PDF, don kada kwamfutar maɗaba'a ta sauya masa haruffa. Kafin zama na gaba kuma, ya buga samfurin da ya gyara a ainihin girmansa, ya manna a bango, ya tsayar da mutum uku da ba 'yan ajinsu ba, cikinsu har da wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, ya tambaye su abin da fastar ke cewa su yi, ya rubuto amsoshinsu yadda suka faɗa.