Ɗigon Jini Ƙarƙashin Madubin Haske da na Ilektaron

Madubin likita da ake duba jini da shi a asibiti da haske yake aiki, kuma yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. A 1873 Ernst Abbe, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa idan abu biyu suka kusanci juna fiye da rabin tsawon zangon hasken da aka haska su da shi, haɗewa za su yi su zama ɗigo guda. Iyakar ta faɗo wajen nanomita 200 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Ana iya ƙara wa hoton girma, sai dai dishi-dishin ne kawai zai ƙaru.

Ga mai neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wannan ya wadatar. Ana shafa jini a gilashi, a bar shi ya bushe, a rina da rinin Giyemsa, a ɗiga mai, a duba da girman ninki 1,000. Ƙwayar takan fito kamar zobe shuɗi mai jan ɗigo a cikin ƙwayar jini. Rinin ne ke bambanta su, domin kowane sashe da launin da yake kamawa. In ruwan rinin ya cika tsami, gilashin duk sai ya yi ja, ƙwayar ta yi wuyar ganewa.

Amma akwai abin da ke ɓuya. Ƙwayar jinin da nau'in falsifaram ya shiga tana fitar da ƴan ƙulle-ƙulle a fatarta, masu faɗin kusan nanomita 100, waɗanda ke sa ta manne wa bangon jijiya. Waɗannan sai madubin ilektaron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Balin a 1931. Zangon ilektaron ya fi na haske gajarta sau dubbai, shi ya sa na'urorin yau ke rarrabe abin da bai kai nanomita ɗaya ba.

Wahalar tana wajen shiri. Ilektaron ba ya nisa cikin iska, dole a zuƙe ta daga na'urar, don haka abu mai rai ko mai danshi ba ya shiga haka nan. Ana sandarar da jinin da gulutaraldehaid da osmiyam, a janye ruwansa da etanol, a dasa shi cikin ƙaro mai tauri, sannan a yanko kaurin nanomita 70 da wuƙar daimon. Aikin kwanaki ne, kuma garaje wajen janye ruwa yakan sa ƙwayar ta yamutse, mai dubawa ya ɗauka halittarta ce.

Hoton babu launi. Inda ƙarafa masu nauyi irin su osmiyam da dalma suka maƙale, nan ilektaron ke warwatsewa, wurin ya yi duhu; sauran ya yi fari. Launin da ake gani a hotunan mujallu daga baya aka shafa shi a kwamfuta.